Tukunyar matsi mai usur, mai sifirin ko ta lantarki: wacce za ka saya, kuma yaushe aiki ya kai a nemi boila?

Duk tukunyar da ake rufewa ruf don tururi ya taru a ciki, ko ta girkin gida ce mai lita 6 ko boilar masana'anta ce mai ɗaukar ruwa tan guda, aikinta ɗaya ne: ta hana tururi fita har matsi ya hau, sannan ta bar shi ya fita kafin ƙarfe ya gaza. Rabin farko kowane mai walda zai iya yin sa. Rabi na biyu shi ne inda tukwane suka sha bamban, kuma a kansa ya kamata mai saye ya tsaya kafin ya dubi ƙyalli ko farashi.

Abin da matsi yake yi wa ruwa

Ruwa ba ya tafasa sai tururin da ke son tashi daga cikinsa ya yi ƙarfin ture iskar da ke danne samansa. A bakin teku, kamar Legas, wannan yana faruwa a digiri 100. Da zarar ka hau tudu iska na raguwa, sai ruwa ya tafasa da wuri: kusan digiri ɗaya ake rasawa a kowace mita 300. A Kano ruwa yana tafasa a wajen digiri 98 da ɗoriya, a Jos kuwa wajen digiri 96. Kuma da ya fara tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya, zafinsa ya tsaya ke nan. Ko ka ƙure gas, ko ka tura itace dami guda, ba za ka ƙara masa digiri ɗaya ba. Ƙarin wutar tana tafiya ne wajen mai da ruwa tururi, ya bi iska.

Idan aka rufe tukunya, tururin da ya tashi ba shi da wurin zuwa, sai ya danne ruwan, ruwan kuma ya kasa tafasa sai ya ƙara zafi. Ma'aunin da za ka gani a jikin murfi ko a agogon matsi shi ne bar, ko psi, ko kPa, kuma bar 1 daidai yake da kPa 100, kusan psi 15. Abin da ake rubutawa ƙari ne a kan matsin iskar waje. Ƙarin rabin bar yana kai ruwa wajen digiri 111. Bar 0.8 yana kai shi wajen 117, bar 1 kuma wajen 120. Da yake ƙari ne a kan iskar wurin, tukunyar da ke ba da 120 a Legas za ta ba da wajen 118 a Jos.

Waɗannan digirori ashirin ba su da yawa a ido, amma laushin wake da narkewar jijiyar nama suna ninka sauri kusan sau biyu a duk ƙarin digiri 10. Shi ya sa ƙafar saniya da ke cin awa uku zuwa huɗu a buɗaɗɗiyar tukunya take nuna cikin minti 45 zuwa awa ɗaya a ƙarƙashin bar 1, ganda da tumbi cikin kusan rabin awa, tsohuwar kazar gida cikin minti 20 zuwa 25.

Akwai ɓangaren da mai shago ba ya faɗa. Bar 1 yana nufin nauyin kusan kilo ɗaya a kan kowace santimita murabba'i. Murfi mai faɗin santimita 22 yana da fili kusan santimita murabba'i 380, wato kusan kilo 390 ne ke tura shi sama yayin da wake ke dahuwa a hankali. Sannan ruwan ciki da ya kai digiri 120 matsi ne kawai ke riƙe da shi a matsayin ruwa. Idan murfi ya buɗe farat ɗaya, kusan kashi 4 cikin ɗari na ruwan zai koma tururi nan take. Lita ɗaya ta ruwa tana zama tururi kusan lita 1,700, saboda haka tukunya mai ruwa lita 4 za ta fitar da tururi wajen lita 250 cikin ƙiftawar ido, daga ko'ina a cikin abincin, ta watso romo da wake masu zafi har silin. Mafi yawan ƙunar da tukunyar matsi ke jawowa daga nan take fitowa, daga buɗe murfi kafin matsi ya sauka.

Mai usur

Wannan ita ce wadda ta fi yawa a kasuwa, galibi ta alminiyam. A tsakiyar murfinta akwai ɗan bututu, a kansa kuma ɗan ƙarfe mai nauyi da ke zaune, wanda shi ne usur ɗin. Lissafinta a fili yake. Idan ramin bututun ya kai faɗin milimita 3, filinsa kusan santimita murabba'i 0.07 ne, don haka ƙarfe mai nauyin giram 70 da 'yan kai zai toshe shi har matsi ya kai bar 1. Da ya wuce haka, tururi ya ɗaga ƙarfen ya fita, matsi ya sauka, ƙarfen ya koma mazauninsa. Wasu na kaɗawa suna huci a kai a kai, wasu kuma, musamman ƙirar Indiya, suna tara matsi su sake shi gaba ɗaya da ƙara, su sake tarawa.

Ƙarfinta shi ne babu abin da zai gaji ko ya ruɗe a cikinta. Nauyi ba ya canzawa da shekaru. Kana jin aikinta da kunne daga tsakar gida, kuma idan ta yi shiru alhali wuta na ci, ka san akwai matsala. Robar murfi da usur ɗinta ana samun su a kasuwa cikin sauƙi idan sananniyar ƙira ce.

Rauninta kuma daga wannan sauƙin yake fitowa. Duk wanda ya ga dama zai iya taɓa nauyin. Idan usur ya ɓata aka ɗora na wata tukunya, ko aka danne shi da dutse ko sifana wai don abinci ya yi saurin nuna, an canza matsin da tukunyar za ta kai. Ninka nauyi ninka matsi ne: bar 2, ruwa digiri 134, murfi na ɗauke da kusan kilo 780, alhali ba don haka aka ƙera kunnuwansa ba. Abu na biyu, ramin milimita 3 ƙaramin rami ne. Ɓawon wake ɗaya ko ƙwayar shinkafa ta isa ta toshe shi. Na uku, tana zubar da tururi duk tsawon girki, don haka tana buƙatar ruwa fiye da sauran, kuma ta fi su saurin ƙonewa a gindi idan an yi ƙwauron ruwa. Alminiyam kuma ba ya shiri da kanwa. Kanwa tana cin sa, tana baƙanta shi, tana kuma tayar da kumfa da ke hawa har bakin bututu. A tukunyar matsi babu ma buƙatarta, domin zafin ya riga ya yi aikin da ake sa ta ta yi.

Mai sifirin

A nan sifirin ne ke danne bawul, wato ƙofar da tururi ke fita ta cikinta, maimakon nauyi. Yawancinsu na ƙarfe mara tsatsa ne, da gindi mai kauri wanda aka saka faifan alminiyam a ciki don zafi ya bazu. Akwai ɗan sanda da ke ɗagowa yana nuna layi ɗaya ko biyu, ko wani maɓalli da ake murɗawa zuwa 1 ko 2. Mataki na farko yakan kasance wajen rabin bar, na biyu tsakanin bar 0.8 da bar 1, gwargwadon kamfani. Ana kunna wuta sosai har layi na biyu ya bayyana, sai a rage ta can ƙasa yadda layin zai tsaya a wurin. Idan an daidaita wuta, kusan ba ta fitar da tururi.

Wannan ya sa ta fi mai usur tattalin gas da ruwa, romo ba ya ƙafewa, kuma matakin ƙasa yana da amfani ga shinkafa, dankali da kifi da bar 1 ke dagargazawa. Irin waɗannan galibi suna zuwa da kariya hawa uku ko huɗu: babban bawul, ƙaramin bawul na ko-ta-kwana, wata 'yar taga a gefen murfi da roba ke bullowa ta cikinta ta saki tururi idan matsi ya wuce kima, da ɗan makulli da matsi ke ɗagawa ya hana murfi juyawa har sai tururi ya sauka. Wannan makullin, a ganinmu, shi kaɗai ya cancanci bambancin kuɗin a gidan da yara ko 'yan aiki ke shiga kicin.

Amma tana son ido, domin ba ta da ƙara sosai. Wanda ya ɗora ta ya fita hira ba zai ji komai ba. Bawul ɗinta yana da ƙananan robobi da sifirin da maiƙo ke daskarewa a kai, sai an kwance an wanke lokaci zuwa lokaci. Babbar matsalarta a wurinmu ita ce kayan gyara. Robar murfin kowace ƙira daban take, kuma tukunya mai tsada da aka sayo a gwanjo, idan robarta ta mutu ba a samu irinta ba, ta zama tukunyar miya kawai. Kafin ka biya kuɗi, ka tambayi mai shago ya nuna maka robar canji, ka sayi guda ɗaya tare.

Ta lantarki

Wannan tana da na'urar da ke auna zafi ko matsi a gindinta, tana kunna wuta tana kashewa da kanta. Yawancinsu suna aiki tsakanin bar 0.7 da 0.8, wato digiri 115 zuwa 117, don haka a ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan lokacin da aka saba da shi a ta kan murhu. Ta fi kowacce sauƙin sha'ani: ka zuba, ka rufe, ka danna, ka tafi. Kuskuren barin wuta da yawa ba ya faruwa a cikinta, kuma tana kashe kanta idan gindi ya bushe.

Sai dai mai lita 6 tana jan wajen wat 1,000 lokacin da take ɗaga zafi. Ƙaramin janareto ba ya ɗaukarta, ƙaramar sola ma haka. Idan aka ɗauke wuta girki na tsaka, murfi zai zauna a kulle har matsi ya sauka da kansa, sannan a juye a wata tukunya. Wutar da ke hawa da sauka kuma tana ƙona allon na'urarta, wanda gyaransa ba kowane mai gyara ba ne. Kada kuma a ɗauka na'ura ta maye gurbin bawul. Ita ma tana da bawul a murfi da ɗan murfin raga a ƙarƙashinsa mai tare abinci, kuma idan wannan ragar ta cushe, haɗarin iri ɗaya ne da na sauran.

Misali: mai sayar da shinkafa da wake

A ɗauki mai abincin sayarwa da ke dafa wake kilo 3 kowace safiya, kuma tana son ta rage kuɗin gas. Ƙa'idar cikawa ita ce farkon lissafi: nama da miya kada su wuce kashi biyu cikin uku na tukunya, amma wake, shinkafa da duk abin da ke kumbura ko kumfa kada ya wuce rabi. Kilo ɗaya na wake da ruwa lita 3 suna cin wuri kusan lita 4, saboda haka kowane kilo yana buƙatar tukunya mai lita 8. Kilo 3 ke nan sai mai lita 24, ko biyu masu lita 12.

Ta lantarki ta fita daga lissafi tun nan, domin waɗanda ake samu na gida ba su kai wannan girman ba. Saura babbar mai usur guda ɗaya ko matsakaita biyu. Ɗaga ruwa lita 9 da wake kilo 3 daga digiri 30 zuwa 120 yana cin zafi kusan kilojul 3,900. A kan babban kan gas na masu sana'a, wanda ke shigar da wajen kilowat 3 cikin tukunya, wannan minti 20 ne da ɗoriya. A kan ƙaramin kan gas na gida zai kusa awa guda. Daga nan dahuwar kanta minti 15 zuwa 20 ce ga waken da ba a jiƙa ba, ƙasa da haka sosai idan ya kwana a ruwa, sai kuma wajen rabin awa kafin babbar tukunya ta huce matsi ya sauka da kansa. Idan aka haɗa, ribar lokaci ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Ribar gaske tana wajen gas: wuta mai ƙarfi na minti 20, ƙaramar wuta na minti 15, sauran a kashe, maimakon awa ɗaya da rabi ana ta ɓararraka ana ƙara ruwa.

Mu dai biyu masu lita 12 za mu zaɓa mata. Kowacce mutum ɗaya zai iya sauke ta, sun fi saurin hucewa, idan robar ɗaya ta mutu sana'a ba ta tsaya ba, kuma murfin babbar, mai faɗin santimita 30, yana ɗauke da sama da kilo 700 a bar 1. Sharaɗi ɗaya: gas ne ko risho, ban da itace. Tukunyar matsi tana buƙatar a rage wuta nan take da matsi ya kai, kuma ramin bawul ɗinta an auna shi ne da wutar girkin gida. Wutar itace mai ci bal-bal tana iya samar da tururi fiye da abin da ramin zai iya fitarwa, ga kuma harshen wuta da ke lasar hannuwa da roba.

Tsarin aikinta kullum ba shi da wuya. Kafin rufewa, ta ɗaga murfi ta leƙa bututun ta fuskar haske. Idan ba ta ga haske ba, ta zura tsinke ta wanke. Ta zuba cokali ɗaya na mai a kan waken don ya kwantar da kumfa. Ta rufe ba tare da usur ba, ta jira har tururi ya fito ta bututu a miƙe ba yankewa, sannan ta ɗora usur. Dalili shi ne iskar da ke cikin tukunya ita ma tana ba da matsi amma ba ta ba da zafi. Idan aka kulle ta a ciki, usur zai yi ƙara alhali ruwan bai kai digiri 120 ba, wake ya fito bai gama nuna ba. Bayan an kashe wuta, wake a bar shi ya huce da kansa. Ɗaga usur don a yi sauri yana sa ruwan ciki ya tafasa da ƙarfi, kumfa ta biyo bututu ta feso ko ta toshe shi.

Alamomin matsala kuwa ba a ɓoye suke ba. Tururi ta gefen murfi yana nufin roba ta taurare, ta tsage, ko bakin tukunya ya lotse. Irin wannan ba za ta kai matsi ba, za ta ƙafe ta ƙone. Shiru bayan an daɗe a kan wuta, babu tururi ko ta ina, shi ne mafi muni: bututu ya toshe ko ruwa ya ƙare. A kashe wuta, kada a taɓa usur, kada a girgiza tukunya, a bar ta ta huce sarai. Idan kuma ƙaramin bawul na ko-ta-kwana ya fashe ko ya narke, ya yi aikinsa ne, kuma yana gaya maka babban ya toshe. A nemo dalili, a sayi sabo irinsa. Toshe gurbinsa da kusa, noti ko walda, abin da wasu masu gyara ke yi, shi ne mai da tukunya abin da ba shi da mafita ta biyu.

Inda boila ta shigo

Akwai sana'o'in da tukunya ba ta isar musu: turara shinkafa da yawa, dafa waken suya, rini, wanki da guga na otal, sarrafa abincin kaji. A nan zaɓi uku ne a gaban mutum, kuma tambayar farko ita ce ko aikin yana buƙatar matsi ma tukuna.

Turara shinkafa irin yadda ake yi a Kura da sauran garuruwan shinkafa ba ya buƙata. Tururi a digiri 100 ya isa ya nuna shanshera da aka jiƙa har ɓawonta ya fara tsagewa. Duro ko tukunya mai faifan ƙarfe mai huji-huji a ciki, ruwa a ƙasa, shinkafa a sama, a rufe da buhu ko murfin da ba ya kulle, ya wadatar, kuma tunda tururi na fita a sake babu abin da zai fashe. Wanda aikinsa ya tsaya nan kada ya sayi haɗarin da ba ya buƙata. Ko da an raba wurin ruwa da wurin shinkafa an haɗa su da bututu, muddin bututun mai faɗi ne kuma babu famfo a kansa da za a iya rufewa, tsarin a buɗe yake.

Zaɓi na biyu shi ne wanda muke roƙon kowa ya guje masa: a ɗauki duron mai na lita 200 ko tsohuwar tukunyar gas, a toshe da walda, a sa famfo a bakin bututu, a hura wuta a ƙasa. Ranar da aka rufe famfon nan, ko da na minti kaɗan ne don a canza buhu, duron ya zama boila mara bawul. Faɗin kan duro wajen santimita 57 ne, don haka a bar 1 kacal, matsin tukunyar wake, sama da tan biyu da rabi ne ke tura shimfiɗaɗɗen ƙarfen da kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba. Ƙara masa agogon matsi ba ya magance komai. Agogo yana nunawa ne, ba ya buɗewa.

Na uku ita ce boila ta ainihi, wadda ake buƙata idan ana son zafi sama da 100 ko tura tururi nesa ta bututu zuwa injuna da yawa. Ƙananan boiloli na masana'antu sukan yi aiki tsakanin bar 7 da 10, wato ruwa a digiri 170 zuwa 184. A bar 7, idan jiki ya tsage, kashi 13 cikin ɗari na ruwan ne ke komawa tururi nan take. Kilo 200 na ruwa zai ba da tururi kusan lita 45,000. Yawan ruwan zafin da ke ajiye shi ne ma'aunin ɓarnar, shi ya sa ƙaramar boila mai naɗaɗɗen bututu da ke riƙe ruwa kaɗan ta fi mai babban tanki ƙarancin haɗari, ko da yake ta fi ta son ruwa mai tsabta.

Dokokin boila daga gawarwaki aka rubuta su. Denis Papin, wanda ya ƙera tukunyar matsi ta farko a 1679, shi ne kuma ya sa mata bawul mai nauyi a kan sanda. Duk da haka ƙarni biyu bayansa boiloli na ta fashewa: jirgin ruwan Sultana a kogin Mississippi na Amurka a 1865 ya hallaka mutum sama da dubu, fashewar masana'antar takalma ta Grover a Brockton, jihar Massachusetts, a 1905 ta kashe 58, kuma bayanta ne aka fara kafa ƙa'idojin ƙira da suka kai ga kundin ƙungiyar injiniyoyin Amurka na 1914. A Najeriya, Dokar Masana'antu ta wajabta wa boila bawul na kariya, agogon matsi da ma'aunin ruwa, da kuma binciken sufeto mai izini lokaci zuwa lokaci.

Wanda zai sayi boila, sabuwa ko ta hannu, ya fara da farantin da ke manne a jikinta, mai nuna iyakar matsin aiki da yawan tururin da take samarwa a awa. Sai ya dubi farantin bawul: matsin da yake buɗewa kada ya wuce iyakar boilar, kuma kilo nawa yake fitarwa a awa dole ya kai ko ya wuce abin da boilar ke samarwa a cikakkiyar wuta. Bawul da ya buɗe a kan lokaci amma ya yi ƙanƙanta, matsi zai ci gaba da hawa yana huci. Ya zauna kai tsaye a saman boila a tsaye, babu famfo ko ɗaya tsakaninsu, bututun fitarsa kuma ya nufi inda ba mutane. Boilar hannu ba a hura mata wuta sai an gwada ta da ruwa: a cika ta maƙil, a matsa da famfon hannu zuwa kusan ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a duba yoyo. Da ruwa ake yi domin ruwan sanyi ba ya matsuwa, idan wani wuri ya tsage ɗigowa kawai zai yi. Gwaji da iskar kwamfaresa ko da tururi ganganci ne.

Bayan saye, abu biyu ne suka fi kashe boila, kuma bawul ba ya hana ko ɗaya. Na farko ƙarancin ruwa: idan ruwa ya sauka ƙasa da bututun wuta, ƙarfe ya yi ja ya yi laushi, sai ya tsage a matsin da ya saba ɗauka. Idan aka duba gilashin ma'auni ba a ga ruwa ba, a kashe wuta a bar ta ta huce. Tura ruwan sanyi a kan jan ƙarfe yana iya tsaga shi a take. Gilashin kansa yana yin ƙarya idan hanyoyinsa sun toshe, don haka a buɗe famfon ƙasansa kowace rana a ga ruwa ya sauka ya dawo da sauri. Na biyu farin ɓawon da ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri ke bari a jikin ƙarfe. Ɓawon yana hana zafi ratsawa zuwa ruwa, cin mai ya ƙaru, ƙarfe ya yi zafi fiye da kima ya kumbura. Maganinsa na'urar tausasa ruwa kafin ya shiga, da zubar da ɗan ruwa ta famfon gindi kullum don laka ta fita.

Shi ma bawul ɗin wannan ɓawon da tsatsa suna manne shi a mazauninsa har ya ƙi buɗewa, kuma daga waje ba a ganewa. Shi ya sa ake ɗaga hannunsa a gwada bisa jadawalin da kamfanin ya bayar, lokacin da matsi ya kai aƙalla kashi 75 cikin ɗari na inda aka saita shi, a ji ya buɗe da ƙarfi ya kuma rufe tsaf. Wanda ke ɗigo bayan gwaji datti ne a mazauninsa ko mazaunin ya ci. A kai wa masu saita shi ko a canza, kada a ƙara ɗaure sifirin, kada kuma a yanke hatimin dalmar da ke kansa.